Hoton Lamba, Rasit da Satifiket: Yadda Za Ka Gane na Gyara da na Aro Kafin Ka Biya

Idan mai saye ya nuna shakka a cinikin nesa, mai sayarwa yakan ce, "Bari in turo maka hoton lambar da rasit ka gani da idonka." Hotunan su shigo, ka duba ka ga komai tsaf, hankalinka ya kwanta. Amma abin da ka gani hoto ne, ba kayan ba. Ko da an ce gani ya kori ji, ganin hoto bai wuce ji ba, domin mai sayarwar ne ya zaɓi abin da zai nuna maka.

Ha'incin da ake yi da irin waɗannan hotuna iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai hoton gyara, wanda aka taɓa shi: an sauya lamba ɗaya, an goge suna, an canza kwanan wata. Akwai kuma hoton aro, wanda ba a taɓa ko ɗigo a cikinsa ba. Lambar ta gaskiya ce, rasit ɗin na gaskiya ne, sai dai na wani kayan ne da ke hannun wani mutum dabam. Yawancin mutane na farkon suke farauta, suna ƙura wa hoto ido suna neman inda aka goge. Na biyun ya fi haɗari, don duk binciken da ka yi wa hoton kansa zai tsallake shi lafiya lau.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce za ka sayi iPhone 13 na hannu daga wanda ba ka taɓa gani ba, ya turo maka hotuna uku: takardar da ke manne a bayan kwali mai ɗauke da lambar siriyal da IMEI, wato lambar shaidar wayar, rasit ɗin kantin da ya ce ya saya, da takardar garanti. Matakan nan suna aiki a kan kyamara, agogo, kwamfuta ko dutse mai daraja, da ɗan bambanci kaɗan.

Fara da neman asalin fayil ɗin

Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, an rage girmansa, an kuma share bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa. Abin da ya rage ba ya isa bincike. Ka ce ya sake turowa ta hanyar Document, ko ta imel a matsayin fayil. Wanda da kansa ya ɗauki hoton ba zai sha wahalar wannan ba. Idan ya ce ya goge na asali, ko ya sake turo maka sikirinshot ɗin hoton, ka riƙe wannan a ranka. Bai zama hujja a kansa ba tukuna, amma sikirinshot ita ce hanya mafi sauƙi ta wanke hoto daga tarihinsa.

Karanta abin da ke rubuce kafin ka duba hoton

Wannan mataki ya fi kowanne kama maƙaryata, kuma ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman. Mai gyaran hoto hankalinsa yana kan yadda abin zai yi kyau a ido. Yakan manta cewa lambobin suna da alaƙa da juna.

IMEI lamba ce mai alƙaluma 15. Takwas na farko suna nuna samfurin wayar, shida na gaba su ne na wayar ita kaɗai, na ƙarshe kuma sakamakon lissafin sauran ne. Ana kiran lissafin da sunan Luhn, kuma da biro da takarda za ka iya yin sa. Ga lambar gwaji da aka saba koyarwa da ita, wadda ba ta iPhone ba ce, don misali kawai: 490154203237518.

Ka ƙirga daga hagu, ka ninka alƙaluman da ke gurbi na 2, 4, 6, har zuwa na 14. Duk wanda ya haura 9 bayan ninkawa, ka cire masa 9. A lambar nan alƙaluman su ne 9, 1, 4, 0, 2, 7, 1, sai su koma 9, 2, 8, 0, 4, 5, 2, jimillarsu 30. Sauran da ba a ninka ba, wato 4, 0, 5, 2, 3, 3, 5, sun ba da 22. Ka haɗa 30 da 22 da alƙalamin ƙarshe, 8, ka sami 60. Tunda jimillar ta ƙare da sifiri, lambar ta zauna daidai.

To a ce abin da ke kan kwalin da aka turo maka shi ne 490154203287518. Kallo ɗaya ba za ka ga bambanci ba, amma 3 da ke gurbi na 11 ta koma 8, wanda sauyi ne mai sauƙi ga masu gyara, tunda rufe bakin 3 kawai ake yi. Yanzu jimillar ta zama 65, ba ta ƙare da sifiri ba. Babu masana'antar da za ta buga wannan a kwali. Duk sauyin alƙalami ɗaya tak lissafin nan zai kama shi. Iyakarsa kuwa ita ce, lamba ɗaya cikin goma da aka ƙirƙira da ka za ta tsallake bisa dace, kuma wanda ya san lissafin zai gyara alƙalamin ƙarshe ya yi daidai. Don haka faɗuwa hujja ce mai ƙarfi, tsallakewa kuwa izinin ci gaba da bincike ne kawai.

Daga nan sai bakod, wato layukan nan baƙaƙe da ke kusa da lambar. Abin da aka rubuta da alƙaluma shi ne aka rubuta da layukan. Ka buɗe hoton a kwamfuta, ka ƙara girmansa, ka haska shi da manhajar karanta bakod ta wayarka. Sauya alƙalami a hoto aikin minti biyu ne, sake zana bakod ya dace da hasken hoton da karkatarsa kuwa aiki ne ja, shi ya sa da yawa ba sa taɓa shi. A misalinmu bakod ɗin zai karanto 490154203237518, lambar asali, alhali rubutun da ke kusa da shi yana cewa wani abu dabam. Wani abu da kada ya ruɗe ka: a kwalin kayan Apple bakod ɗin siriyal yakan fito da harafin S a gaba, wannan ba ya cikin lambar. Haka nan siriyal ɗinsu ba ya ɗauke da harafin O ko I, sifiri da ɗaya ne, don haka kada ka zargi mutum saboda kuskuren karatunka.

Me zai sa mutum ya sauya alƙalami ɗaya? Don kada ka binciko inda ya ɗauko hoton. Ka rubuta lambar da bakod ya ba ka a Google tsakanin alamun zance, kamar haka: `"490154203237518"`. Idan lambar waya ce ta gaske kuma ta fito a wata tsohuwar talla ta wani mutum a wata ƙasa, ka gama aikinka.

Rasit: lissafi, kalanda da halin firinta

Rasit ma haka yake, layukansa suna riƙe da juna. Wata dabara da aka saba ita ce mutum ya ɗauki rasit na gaskiya na ƙaramin abu, kamar caja ko rigar waya, ya sauya sunan kayan da kuɗinsa da jimillar ƙasa. Abin da yakan bari shi ne layin haraji da layin biyan kuɗi. Idan rasit ɗin da kansa ya ce harajin kashi 10 cikin ɗari ne, amma adadin da aka rubuta bai kai kashi 2 cikin ɗari na kuɗin wayar ba, ka ninka harajin sau goma, za ka ga kuɗin abin da aka saya tun asali. Ka duba kuma ko abin da aka cire daga kati, ko kuɗin da aka miƙa da canjin da aka mayar, sun yi daidai da jimillar.

Sai kwanan wata. An fara sayar da iPhone 13 a kantuna ranar 24 ga Satumba 2021, don haka rasit mai kwanan watan Yulin shekarar ya kashe kansa. Idan an buga sunan rana tare da kwanan, ka buɗe kalanda ka gwada, domin mai sauya shekara ba kasafai yake tuna cewa ranar ma ta motsa ba. Sau da yawa kwanan yana fitowa sau biyu, a sama da kuma can ƙasa wajen bayanin kati, wani lokaci ma yana cikin doguwar lambar cinikin. A gyara na sama a manta da na ƙasa.

Ƙananan rasitan kanti da zafi ake buga su, ba da tawada ba, kuma wannan yana barin alamu masu amfani. Kan firintar jeri ne na ƙananan ɗigogi masu ɗaukar zafi. Idan ɗaya ya mutu, za ka ga siririn farin layi ya ratsa takardar daga sama har ƙasa, yana yanka duk harafin da ya faɗo a hanyarsa. In ka ga layin ya yanka kowane rubutu amma ya tsallake sunan kayan ko kuɗinsu, to wannan rubutun daga baya ya zo. Haka kuma irin wannan takarda tana koɗewa da daɗewa, kuma tare take koɗewa. Rasit ɗin da ya shekara biyu, duk ya yi fari-fari, amma layi ɗaya baƙi wuluk, abin tambaya ne. Inda takarda ta lanƙwashe ko ta yamutse, rubutun gaskiya yana bin lanƙwasar, na liƙi kuwa yana tafiya a miƙe kamar an ja shi da rula.

Idan rasit ɗin PDF ne, akwai ƙananan umarni uku da ke cikin tarin manhajar Poppler:

```
pdfinfo rasit.pdf
pdffonts rasit.pdf
pdftotext rasit.pdf -
```

Na farko zai nuna maka manhajar da ta samar da fayil ɗin a layin Producer, da ranar ƙirƙira da ranar gyara. Rasit ɗin da na'urar kanti ta fitar amma yana ɗauke da sunan manhajar gyaran PDF, kuma ranar gyaransa jiya ce, yana buƙatar bayani. Na biyu zai jero nau'o'in rubutun da ke ciki, inda za ka iya ganin wani baƙon nau'i da aka shigo da shi don layi ɗaya. Na uku ya fi ban dariya idan ya kama: masu gaggawa sukan ɗora farin akwati a kan tsohon rubutu su rubuta sabo a kai, tsohon kuwa yana nan a ƙasa, sai umarnin ya zubo maka duka biyun.

Sikirinshot na shafin oda ko na imel kuwa, ni ban ɗauke shi shaida ba ko kaɗan. Duk mai burauza a kwamfuta zai iya danna Inspect ya sauya kowane rubutu a shafin, da ainihin salon rubutun shafin da launinsa, babu wata alamar gyara da za ta fito, domin ba hoton aka gyara ba. Maganinsa yana can ƙasa, a mataki na ƙarshe.

Yanzu ka ƙura wa hoton ido

Ka ƙara girman wurin lambar sau huɗu ko fiye, a babban allo. Kwatanci za ka yi tsakanin alƙalamin da kake zargi da maƙwabtansa. Shin gindinsu yana kan layi ɗaya? Tazarar da ke tsakaninsu daidai take? Kaifin gefensu iri ɗaya ne? Kyamara ba ta fitar da alƙalami ɗaya tar a tsakiyar masu dishi-dishi. Ka duba farin takardar da ke kewaye da shi ma. Kowane hoto yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa da kyamara ke bari, musamman in haske ya yi ƙaranci. Inda aka goge aka shafe, wurin yakan yi sumul fiye da kewayensa, kamar tabon da aka yi wa fenti a tsohon bango.

Mai wayo ba ya rubuta sabon alƙalami, yakan kwafo wanda ke cikin hoton ya liƙa. Idan yana son 8, sai ya ɗauko 8 ta ƙarshen lambar. A nan ne kamanni ke tona asiri. A hoton kyamara, 8 biyu da aka buga da firinta ɗaya ba sa zama iri ɗaya sak, domin haske da nisa da karkata sun bambanta ko da kaɗan ne. In ka ga biyun sun yi daidai har da ɗan ƙurar da ke gefensu ko ɗigon da ya ɓalle a cikinsu, ɗaya kwafin ɗaya ce. Shafin Forensically yana da Clone Detection da ke zana layi tsakanin wuraren da suka yi kama, sai dai a kan rubutu yakan yi ta ihu a banza, tunda haruffa dama suna maimaituwa. Ka bar shi ya nuna maka inda za ka duba, hukuncin kuwa idonka ne zai yanke. Wannan gwajin ba ya aiki a kan sikirinshot, inda kowace 8 dole ta zama daidai da 'yar'uwarta.

Za ka ji ana yawan ambaton ELA, wanda shafin FotoForensics ya shahara da shi. Yana sake matse hoton JPEG ne ya nuna wuraren da suka amsa matsin ba kamar sauran ba. A ganina an ba shi girman da ya wuce nasa. Gefen baƙin rubutu a kan farar takarda kullum yana haske a ELA, an gyara ko ba a gyara ba, kuma hoton da ya bi ta WhatsApp sau biyu ya riga ya baje, ba abin da zai nuna. Yana da amfani kawai idan alƙalami ɗaya ya yi dabam da maƙwabtansa masu girma da launi irin nasa, a fayil na asali. Mutane da yawa sun zargi mai gaskiya saboda sun ga fari-fari a ELA.

Bayanan EXIF kuwa, wato waɗanda kyamara ke rubutawa a cikin hoto, idan fayil ɗin ya zo da su, ga yadda za ka karanta da manhajar ExifTool:

```
exiftool -Make -Model -Software -DateTimeOriginal -ModifyDate hoto.jpg
exiftool -b -ThumbnailImage hoto.jpg > karami.jpg
```

Mutumin da ya ce yanzun nan ya ɗauka amma DateTimeOriginal yana nuna bara, ko Software yana nuna sunan manhajar gyaran hoto, ya ba ka abin tambaya. A hotunan iPhone layin Software yakan nuna lambar iOS ne kawai, wannan ba komai ba ne. Umarni na biyu yana ciro ɗan ƙaramin hoton da kyamara ke ɓoyewa a cikin fayil, kuma akwai manhajojin da ke gyara babban su bar ƙaramin yadda yake. Amma ka sani, manhajar da ta karanta waɗannan bayanai ita ma tana iya rubuta su. EXIF mai kyau bai wanke kowa ba.

Hoton aro da lambar aro

Mu koma kan misalinmu, a ce wannan karon mai sayarwar ya fi na farko wayo, bai taɓa komai ba. Lissafin Luhn ya fita, bakod ya dace, rasit ba shi da aibi. Ka shiga `checkcoverage.apple.com` ka saka siriyal ɗin, shafin ya nuna maka iPhone 13. Me ka tabbatar? Ka tabbatar cewa akwai waya mai wannan lamba a duniya. Ba ka tabbatar tana hannun wanda kake magana da shi ba, balle a ce ita zai aiko maka. A nan ne mutane suka fi faɗawa, domin shafin kamfani ya ce "e", sai su ɗauka an gama magana.

Abin da za ka fara yi shi ne neman hoton a Google Lens da TinEye, na biyun yana iya jero sakamako daga mafi daɗewa. Kada ka tsaya a cikakken hoton. Ka yanko kwalin kaɗai ka nema, ka yanko abin da ke bayansa, kamar teburin ko shimfiɗar, ka nema. Rashin samun komai ba wanka ba ne, saboda hoton da aka karɓa daga wani mai sayarwa ta saƙon sirri ba ya cikin kowane injin bincike. Wannan ma hanya ce sananniya: mutum ya je wa mai kaya na gaskiya a matsayin mai saye, ya karɓi hotuna, ya juyo ya turo maka.

Sannan ka jera hotunan uku ka tambayi kanka ko a ɗaki ɗaya aka ɗauke su. Kwali a kan katako da hasken rana, rasit a kan farin tayil da hasken fitila, waya a hannun da bai yi kama da hannun da ya riƙe rasit ba. Kowanne shi kaɗai ba laifi, amma babu hoto ko ɗaya da ya haɗa waya da kwali da rasit wuri guda. Wannan rashin shi ne babbar alamar hoton aro.

Satifiket ya fi komai saurin arowa. Ɗauki na lu'ulu'u daga GIA, cibiyar Amurka da ke tantance duwatsu masu daraja: kowa zai iya saka lambar rahoto a Report Check na shafinsu ya ga nauyi, launi, tsabta da awon dutsen. Mai ha'inci ma zai iya, sai ya nemo dutse mai rahusa, ko wanda aka ƙera a ɗakin gwaji, mai kusan wannan awo. GIA da kanta ta sha sanar da cewa an kawo mata duwatsun da aka zana wa lambar rahoton wani dutsen a gefensu. Don haka dacewar lamba ba ta isa ba, sai an gwada awon milimita da nauyin da taswirar tabon da ke cikin rahoton da dutsen da ke hannu, kuma wannan aikin masani ne mai kayan awo. A kowace irin takardar shaida, kada ka bi lambar QR ko adireshin da ke jikinta. Wanda ya iya buga takardar bogi ya iya buɗe shafin bogi da zai gaskata ta. Ka rubuta adireshin hukumar da hannunka, kuma idan za ka kira kantin da ya ba da garanti, ka nemo lambarsu da kanka. Ka karanta musu lambar rasit da siriyal, ka tambaya ko sun dace a rajistarsu. Wasu za su ƙi ba ka bayanin mai saye, kuma daidai ne, "e" ko "a'a" kawai kake nema.

Gwajin da aro ba ya tsallakewa

Tunda hoton aro tsoho ne, maganinsa shi ne ka nemi abin da ba a taɓa ɗauka ba. Ka zaɓi kalma da lamba da kanka a lokacin, misali "tsani 47", ka ce ya rubuta da biro a 'yar takarda, ya ɗora ta a kan kwalin yadda gefenta zai rufe alƙaluma biyu na ƙarshen siriyal, waya da rasit suna gefe a hoto ɗaya. Kwanan wata kaɗai bai isa ba, ana iya shirya shi tun da safe. Dalilin cewa takardar ta hau kan lambar shi ne, takardar da aka ajiye a fili can gefe ana iya liƙa ta da manhaja, wadda ta hau kan rubutu kuwa dole ta yi inuwa ta kuma rufe abin da ke ƙasanta. Ka ba shi minti goma ko sha biyar. Wanda kayan ke gabansa zai yi, wanda zai koma wurin mai kayan na gaskiya ya roƙa, ko zai zauna gyara, sai ka ji ya fita, sai dare.

Abin da ya fi wannan shi ne kiran bidiyo kai tsaye, kana ba da umarni yana bi, ba tare da kyamara ta kauce ba. Ya buɗe wurin kira ya danna `*#06#` kana kallo, domin allon da aka riga aka buɗe yana iya zama hoto ne aka cika allo da shi. Ya shiga Settings, General, About, ya ja shafin sama da ƙasa. A iPhone 13 an zana IMEI a jikin tiren SIM, sai ya zaro shi daga wayar a gabanka ya kusanto da shi. Tire ana iya musanya shi, kwali ana iya buga masa sabuwar takarda, amma a ce allo da tire da kwali da rasit duk sun faɗi lamba ɗaya a bidiyo ɗaya, wannan ya yi wa mai aro tsada. Idan rasit ɗin na sayayyar intanet ne, ya shiga asusunsa ya buɗe odar, ya sabunta shafin kana gani. Duk abin da aka sauya da Inspect yana gogewa da zarar shafin ya sake lodi. Ka kuma karanta adireshin da ke saman burauzar harafi bayan harafi.

A misalinmu, nan ne zancen ke ƙarewa ta ɗayan hanyoyi uku. Ko ya ce kyamararsa ta lalace, ko lambar da ta fito a allo ta saɓa wa ta kwali, ko komai ya dace. Na biyun ba lallai ne ya zama ha'inci ba: wayar da kamfani ya musanya a ƙarƙashin garanti tana zuwa da sabuwar lamba, tsohon kwali kuma yana nan. Amma mai gaskiya yakan faɗi haka tun kafin ka gano, kuma yana da takardar musanyar mai ɗauke da lambobin biyu. Ka nemi ita, ka bi ta da matakan da ka bi rasit.

Ko komai ya dace, abin da bidiyon ya nuna shi ne kayan yana hannunsa a wannan sa'a. Bai hana shi sayar wa mutum uku waya ɗaya ba, bai kuma hana a saka wata a kwalin ba. Don kada a yi cinikin biri a sama, ka rubuta masa siriyal da IMEI a saƙo, ka ce wannan lambar kake saye, ya amsa a rubuce. Ka biya ta hanyar da ke riƙe kuɗi har kaya ya iso, ko wadda ke karɓar ƙorafi. Ranar da kunshin ya zo, ka kunna bidiyo tun kafin ka yanke selotef, takardar aike tana fitowa a ciki, ka buɗe, ka kunna wayar, ka danna `*#06#`, ka karanta alƙaluman 15 da murya kana gwada su da waɗanda ke cikin saƙon.